Tambayoyi da Amsoshi: Zanen Matakala na Bayyana Sauyin Riba Daga Rubu'i Zuwa Rubu'i

Mene ne wannan zanen yake nunawa da teburin lissafi ba ya nunawa?

Teburi zai gaya maka ribar rubu'in farko, wato wata ukun farko na shekara, 80,000 ce, ta rubu'i na biyu 72,000. Zanen matakala, wanda a Excel za ka same shi da sunan `Waterfall`, yana nuna hanyar da aka bi daga 80,000 zuwa 72,000. Sanda ta farko tana tashi daga sifili zuwa ribar da aka fara da ita, ta ƙarshe ma daga sifili zuwa ribar da aka ƙare da ita. Sandunan da ke tsakani ba sa taɓa ƙasa. Kowace tana farawa daga inda ta bayanta ta tsaya, ta hau idan abin ya ƙara riba, ta sauka idan ya rage ta. Sharaɗin zanen guda ɗaya ne: ribar farko, a haɗa da dukkan sandunan tsakiya, dole ta ba da ribar ƙarshe daidai, babu ragi babu ƙari.

Da waɗanne alƙaluma zan fara?

Bayanin riba da asara na rubu'in biyu, a jere gefe da gefe, kuma an rufe littattafansu duka. Idan rubu'i na biyu bai rufu ba, alƙaluman za su ci gaba da motsi bayan ka gama zane. Sannan ka tsayar da irin ribar da kake magana a kai: ta bayan cire kuɗin kaya kawai, ko ta bayan cire kuɗin gudanarwa, ko ta bayan haraji. Wadda ka ɗauka a farko ita za ka ɗauka a ƙarshe.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshen wannan bayani. Kamfani ne mai sayar da kaya iri ɗaya. A rubu'in farko ya sayar da guda 10,000, kowane a kan 50, kuma kowane guda ya ci masa 30. Albashi 60,000, talla 20,000, haya da sauran ƙananan kuɗaɗe 40,000. Ciniki ke nan 500,000, kuɗin kaya 300,000, riba 80,000. A rubu'i na biyu ya sayar da guda 12,000, amma a kan 48, kuma kowane guda ya ci masa 31. Albashi ya koma 66,000, talla 35,000, haya tana nan yadda take. Ya kuma sayar da wani tsohon inji, ya samu ribar 9,000 a kai. Ciniki ya zama 576,000, kuɗin kaya 372,000, riba 72,000.

Ba sai in cire kowane layi na rubu'in farko daga na biyu in zana ba?

Za ka iya, kuma lissafin zai fito. Ciniki ya ƙaru da 76, kuɗin kaya ya ci 72, albashi ya ci 6, talla ta ci 15, inji ya kawo 9, ka sauka a kan 72 (daga nan za mu riƙa faɗin alƙaluman a dubbai). Matsalar ita ce zanen zai yaudari mai kallo. Zai ga doguwar sanda mai hawa da sunan ciniki, sai doguwar sanda mai sauka da sunan kuɗin kaya, ya ɗauka masu sayarwa sun yi bajinta, masu sayo wa kamfanin kaya sun yi ɓarna. Ba haka abin yake ba. A cikin 72 ɗin da kuɗin kaya ya ƙaru, 60 ya zo ne kawai don an sayar da ƙarin guda 2,000, kowane kuma yana cin 30. Ba za ka sayar da kayan da ba ka biya kuɗinsa ba. Haka kuma 76 na ciniki ya ɓoye ragin farashin da aka yi.

Abin da ya fi shi ne a jera sandunan bisa dalili maimakon bisa layukan littafin akanta. Tambayar da shugabannin kamfani suke yi ita ce me ya faru, kuma amsarta tana cikin yawan kaya, farashi, da tsadar kowane guda.

To yaya ake raba tasirin yawan kaya da na farashi?

Matakai uku ne, kuma a kowane mataki abu ɗaya ake motsawa, a bar sauran a tsaye.

Da farko yawa. An sayar da ƙarin guda 2,000. Da ba a taɓa farashi ko tsada ba, kowane guda zai bar ribar 20, wato 50 a cire 30. Saboda haka yawa ya kawo 40. Lura cewa da ribar guda aka ninka, ba da farashin sayarwa ba. Wanda ya ninka da 50 zai samu 100, sannan dole ya nemi inda zai jefa 60 na kuɗin kayan, sai ya koma gidan jiya.

Na biyu farashi. An rage 2 a kan kowane guda, kuma ragin ya shafi duk guda 12,000 da aka sayar a rubu'i na biyu, don haka ya ci 24. Na uku tsadar guda: ƙarin 1 a kan guda 12,000, ya ci 12. Haɗa su: 40 a cire 24 a cire 12, saura 4. Ka duba littafi: ribar kaya ta tashi daga 200 zuwa 204. Sun dace.

Yanzu zanen yana tafiya haka: 80, ya hau zuwa 120 da yawa, ya sauka zuwa 96 da farashi, 84 da tsadar kaya, 78 da albashi, 63 da talla, ya hau zuwa 72 da ribar inji. Labarin ya fito fili. An rage farashi an kuma ƙara talla don a sayar da kaya da yawa, an samu 40, amma abin da aka kashe wajen nemansa, 24 da 15, ya kai 39. Sai tsadar kaya da albashi suka zo suka cinye 18 a kai.

Abokin aikina ya yi nasa lissafin ya samu tasirin farashi 20, ni na samu 24. Wa ya yi kuskure?

Wataƙila babu. Shi ya ninka ragin 2 da yawan rubu'in farko, 10,000. Idan ya bi wannan hanyar har ƙarshe, tsada za ta ci 10, kuma yawa zai kawo 34, domin zai ninka guda 2,000 da sabuwar ribar guda, 17. Haɗa 34 a cire 20 a cire 10, 4 ce dai. Bambancin yana kan guda 2,000 ɗin nan da aka ƙara kuma aka sayar da su a sabon farashi. Ragin da aka yi a kansu, 4, ana iya ɗora shi kan farashi, ana iya ɗora shi kan yawa, lissafi bai fifita ɗaya ba.

Kuskuren yana zuwa ne idan aka cakuɗa hanyoyin biyu: a ɗauki yawa 40 daga hanya ɗaya, farashi 20 da tsada 10 daga ɗayar. Sai ka tarar da 6 da ba ta da mazauni. Wasu suna ware ta a sanda ta daban, amma a ganinmu sandar da ba za ka iya bayyana ta a jimla ɗaya ba tana jawo gardama fiye da amfani. Ku zaɓi hanya ɗaya, ku rubuta ta a ƙasan zanen, ku ci gaba da ita kowane rubu'i. Mu mun fi son ta farko, saboda manajan da ya rage farashi ya san a kan kayan da aka sayar yanzu ya rage shi.

Idan kayan sun fi iri ɗaya fa?

Nan sai wani dalili na huɗu ya shigo, wato sauyin irin kayan da aka fi saye. A ce akwai kaya mai barin ribar 20 a kowane guda da wani mai barin 5. A rubu'in farko an sayar da 600 na mai tsoka da 400 na ɗayan, riba 14,000, wato matsakaicin 14 a kan guda. A na biyu an sayar da 500 da 600. Jimillar guda ta ƙaru daga 1,000 zuwa 1,100, ba a taɓa farashi ba, amma riba ta faɗi zuwa 13,000. Tasirin yawa shi ne ƙarin guda 100 sau 14, wato 1,400. Sauran, asarar 2,400, ta fito ne daga yadda masu saye suka karkata zuwa kayan da ba shi da riba sosai.

Idan ka yi lissafi da matsakaicin farashin kamfani gaba ɗaya, wannan karkatar za ta ɓuya cikin sandar farashi, a zargi masu sayarwa da ragin da ba su yi ba. Shi ya sa ake lissafa farashi da tsada a kan kowane kaya shi kaɗai, sannan a tara. Kayan da aka fara sayarwa a rubu'i na biyu ba shi da tsohon farashi, wanda aka daina sayarwa kuma ba shi da sabo, don haka a ba su sandarsu daban.

Yaya zan zana shi a Excel?

Daga Excel 2016 zuwa sama zanen yana nan a shirye. Ka jera sunaye a layin tsaye na A, alƙaluma a na B: 80 a B2, sai 40, -24, -12, -6, -15, 9, sannan 72 a ƙasa. Ka zaɓe su, ka shiga `Insert`, ka ɗauki `Waterfall`.

Za ka ga sandar ƙarshe ta tashi sama tana lilo daga 72 zuwa 144. Excel ya ɗauke ta a matsayin wani ƙari. Ka danna ta sau ɗaya, sannan ka sake danna ta don a zaɓe ta ita kaɗai, ka danna dama ka ɗauki `Set as Total`. Za ta sauko ta zauna a kan sifili. Ka yi wa ta farko haka, don ta ɗauki launin jimilla maimakon launin ƙari. Idan kana son sandar tsakiya mai nuna matsayin da aka kai, misali 63 kafin ribar inji, ka saka layi mai 63 a wurin, shi ma ka mai da shi jimilla.

Google Sheets ma yana da `Waterfall chart`, kuma yana iya ƙara maka sandar ƙarshe da kansa. Ka yi hattara da wannan sauƙin, domin sandar da manhaja ta lissafa daga alƙalumanka kullum za ta dace da su, ko da sun saɓa da littafin akanta.

Ina aiki da tsohon Excel, ko ina son iko a kan launi da rubutu. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma har yanzu mutane da yawa sun fi son ta. Ana amfani da `Stacked Column`, a sa wata sanda marar launi a ƙasa ta ɗauki wadda ake gani, kamar tubalin da aka ɗora kaya a kai. Bayan A da B, kana buƙatar C don jimillar da ake tafe da ita, D don tushe, E don hawa, F don sauka, G don sandunan farko da ƙarshe. A layi na 2 ka sa 80 a C2 da G2. Daga layi na 3 zuwa na 8:

```
C3: =C2+B3
D3: =MIN(C2,C3)
E3: =MAX(B3,0)
F3: =MAX(-B3,0)
```

Dabarar tana cikin D. Sanda mai hawa tana zama a kan tsohuwar jimilla, mai sauka kuma a kan sabuwa, kuma a duka biyun ƙaramar ce. A misalinmu tushen yawa 80 ne, na farashi 96, na tsada 84, na albashi 78, na talla 63, na inji 63. A G9 ka sa 72. Ka zana A da D, E, F, G kawai, ban da B da C. Sai ka danna sandunan D ka ba su `No Fill`, ka rage `Gap Width` zuwa kamar 50%, ka goge sunan D daga bayanin launuka.

Idan ka kunna rubutun alƙaluma, sifili zai cika zanen, kuma sanduna masu sauka za su fito ba alamar ɗebewa, tun da a F an juya su. Tsarin lamba yana gyara duka biyun, na farko ga E, na biyu ga F:

```
+#,##0;;;
-#,##0;;;
```

Kamfanin ya faɗa asara a tsakiyar zanen, sanduna sun rikice. Me ya faru?

Tushe marar launi ba ya aiki idan jimilla ta tsallaka sifili. A ce kana kan 10, wani abu ya ci 25, ka koma -15. Sandar ya kamata ta miƙe daga 10 a sama zuwa 15 a ƙasa. Amma fomular za ta ba da tushe -15 da sauka 25, kuma `Stacked Column` yana tara lambobi masu kyau sama da sifili, masu alamar ɗebewa ƙasa da shi, kowane ɓangare daban. Sakamakon shi ne sanda mai tsawon 25 tsaye a kan sifili, wurin da bai kamata ba sam.

Mafita ita ce a raba sandar gida biyu, 10 a sama da -15 a ƙasa, launi ɗaya, tushe sifili. Ko kuma a bar wannan hanyar, a zana layuka biyu, na farkon kowane mataki da na ƙarshensa, a kunna `Up/Down Bars`, sannan a ɓoye layukan. Zanen `Waterfall` na sabon Excel yana tsallaka sifili ba tare da wata dabara ba, kuma idan ribar kamfaninku tana yawo kusa da sifili, wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da shi.

Zanena bai sauka a kan ribar da ke littafi ba. Ina zan duba?

Da farko, kada ka bari adadin ƙarshe ya zama jimillar sandunanka. Ka ɗauko shi kai tsaye daga bayanin riba da asara, sannan ka ware gurbi ɗaya na gwaji:

```
=ROUND(C8-G9,0)
```

Idan bai ba da sifili ba, girman giɓin yakan tona inda matsalar take. Ka raba shi biyu, ka duba ko akwai layi mai wannan adadin. Giɓin 30 a misalinmu yana nufin an shigar da talla a matsayin 15 maimakon -15, domin alamar da ta juye tana ba da kuskure ninki biyu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a kuɗin shiga ana cire tsoho daga sabo, a kuɗin kashewa kuma sabo ake cirewa daga tsoho, tun da ƙarin kashewa ragin riba ne. Idan giɓin ya yi daidai da wani layi cif, an manta da layin ne, ko an ƙirga shi sau biyu. Giɓin 1 ko 2 kuwa yawanci daga taƙaita lambobi zuwa dubbai yake fitowa. A yi lissafi da cikakkun alƙaluma, a bar taƙaitawar ga abin da ake nunawa a zane.

Akwai wani giɓin da gwajin ba zai kama ba. Idan akanta ya ɗauke wani kuɗi, misali na dakon kaya, daga kuɗin gudanarwa ya mai da shi cikin kuɗin kaya a rubu'i na biyu, jimilla za ta dace, amma zanen zai nuna tsadar kaya ta tashi, gudanarwa ta yi sauƙi, alhali babu abin da ya sauya. Alamarsa ita ce sanduna biyu masu kusan tsawo ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da babu wanda ya san dalilinsu. A tambayi akanta, sannan a sake tsara rubu'in farko da sabon tsarin kafin a kwatanta.

Me zan yi da abin da ya faru sau ɗaya, kamar ribar injin nan?

Ka ba shi sandarsa, da sunansa, a ƙarshen jerin, kuma kada ka tura shi cikin “sauransu”. A misalinmu riba ta faɗi da 8 a takarda, amma harkar kasuwancin kanta ta faɗi da 17, daga 80 zuwa 63. Injin ba zai sake sayuwa ba. Kuma ka tuna zai dawo maka a zane na gaba: idan ka zo kwatanta rubu'i na biyu da na uku, rashinsa zai fito a matsayin -9, ko da komai ya tafi daidai. Haka ma idan rubu'in farko ne yake ɗauke da wani kuɗi na musamman, tara ko gyaran gaggawa, rashinsa a na biyu zai yi kama da ci gaba.

Sanduna nawa ya kamata, kuma a wane jeri?

Tsakanin biyar zuwa takwas a tsakiya ya wadatar. Layin da bai motsa ba, kamar haya a misalinmu, ba ya buƙatar sanda. Ƙananan abubuwa a tara su a “sauransu”, amma idan wannan sandar ta fi wata mai suna tsawo, akwai abin da ya kamata a ciro daga cikinta. A duba cikinta ko da gajeriya ce, don 20 mai hawa da 19 mai sauka suna iya ɓuya a bayan 1.

Jerin da ya fi sauƙin bi shi ne na bayanin riba da asara: yawa, farashi, tsadar kaya, kuɗin gudanarwa, sai abubuwan sau ɗaya. Ana iya jerawa daga babba zuwa ƙarami, sai dai jerin zai riƙa sauyawa kowane rubu'i, masu karatu su kasa kwatanta zanen yau da na baya. Launi uku sun isa. Idan kore da ja ka zaɓa, ka bar alamar ƙari da ta ɗebewa a kan alƙaluman, saboda wasu ba sa bambance launukan biyu, kuma a takarda mai baƙi da fari duk ɗaya suke fitowa.

Sandunan tsakiya sun yi ƙanana har ba a ganinsu. Zan iya fara ma'aunin gefe daga sama da sifili?

Idan riba ta tashi daga 5,000 zuwa 5,040, sandunan tsakiya za su zama kamar zare. Za ka iya fara ma'aunin daga 4,900, amma daga nan tsawon sandunan farko da ƙarshe ba ya nufin komai: 100 da 140 ne ido zai gani, ya ɗauka an samu ƙarin kashi 40 cikin ɗari, alhali bai kai kashi 1 ba. Idan ka yanke, ka rubuta a fili cewa ma'aunin bai fara daga sifili ba, ka kuma sa cikakkun alƙaluma a kan sandunan biyu.

Kwatanta rubu'i da wanda ya gabace shi adalci ne kuwa?

Ba kullum ba. Kwanakin ma ba ɗaya ba ne: Janairu zuwa Maris kwana 90 ne, ko 91 a shekarar da Fabrairu ta kai 29, Afrilu zuwa Yuni 91, sauran biyun 92 kowanne. Kwana biyu a kan 90 ya haura kashi 2 cikin ɗari, kuma ga kamfanin da ke ciniki kullum wannan zai shiga sandar yawa ba tare da kowa ya yi wani ƙoƙari ba. Kasuwancin da ke da lokacin cika da lokacin sanyi kuwa, sandar yawansa kusan kalanda take nunawa. A irin wannan hali a yi zane na biyu da ke kwatanta rubu'in da takwaransa na bara, da sanduna iri ɗaya, jeri iri ɗaya, ma'auni iri ɗaya, a ajiye su kusa da juna. Idan yawa ya hau a zanen farko amma ya sauka a na biyu, ƙarin guda 2,000 ɗin lokaci ne ya kawo su, kuma sai a sake tambayar me ragin farashi na 24 da tallar 15 suka saya.